Me ya haɗa sigari da ɗinkin tiyata, har ake cewa a daina tun saura makonni?

Tambaya: Likita, shekarata 47, ina shan kwalin sigari ɗaya a rana fiye da shekara ashirin. Ƙaba ta fito mini a kan tsohon ɗinkin da aka yi mini a ciki, an sa mini ranar tiyata nan da mako shida, za a sa ragar roba ta riƙe wurin. Likitan ya ce in daina shan taba daga yau, in ba haka ba zai iya ɗaga aikin. Ciki za a yanka, me ya kawo maganar huhu? Idan na daina ana gobe aiki bai isa ba? Wani kuma ya ce mini dainawa dab da tiyata ƙara tari take yi.

Amsa: Malam, Allah ya ba da lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Hayaƙin taba yana yi wa mai shirin tiyata ɓarna ta hanyoyi daban-daban, kuma kowace ɓarna da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta gyaru. Akwai wadda kwana ɗaya ya ishe ta. Akwai mai buƙatar kwana goma, akwai kuma wadda sai ta ci wata guda ko biyu. Wanda ya daina ana gobe aiki ya gyara ta farkon ce kawai, ya bar waɗanda suka fi shafar irin aikin da za a yi maka.

Bari mu fara da mai saurin gyaruwa. A cikin hayaƙin akwai wata iska marar launi marar wari da ake kira kabon monoksaid. Idan ta shiga jini tana kama himogulobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini da ke dakon oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. A jinin wanda ba ya shan taba, himogulobin ɗin da wannan iska ta kama bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. A jinin mai shan kwali guda a rana yakan kai kashi 5 zuwa 10, wani lokaci ya haura. Wannan kason ya fita daga aiki ke nan. Ragowar kuma da ke ɗauke da oksijin sai ya riƙa yin rowa, ba ya sakin sa da sauƙi idan ya isa tsoka ko fata. Nikotin kuma a lokaci guda yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini, yana tsuke jijiyoyi. Zuciya tana ƙara aiki, abincinta yana raguwa.

Abin da ya fi damun likitan sa barci a nan shi ne na'urar da yake dogara da ita ba ta ganin wannan matsalar. Ka san ɗan matsen nan da ake maƙala wa yatsa, mai jan haske, wanda ke nuna yawan oksijin na jini a kan allo. Irin wanda aka saba amfani da shi ba ya bambanta himogulobin mai ɗauke da oksijin da wanda kabon monoksaid ya kama, duka biyun ja suke a wurinsa. Idan kashi 8 na jininka yana hannun wannan iska, allo zai iya nuna 98, alhali ainihin abin da ke ɗauke da oksijin yana wajen 90. Likita yana kallon lamba mai kyau, jikin kuwa yana aiki da ƙasa da haka. An yi sa'a wannan iskar ba ta daɗewa. A cikin awa 4 zuwa 6 rabinta yake fita ta numfashi, shi ya sa bayan awa 12 zuwa 24 ba tare da kara ko ɗaya ba jinin yakan kusan komawa daidai. Nikotin ya fi ta ma saurin fita, rabinsa yana tafiya a cikin kamar awa 2. Saboda haka ko wanda ya kasa dainawa gaba ɗaya ana roƙonsa kada ya sha a daren da safiyar aiki. Karan nan na ƙarshe da mutum ke zuƙa a bakin ƙofar asibiti don ya kwantar da hankali shi ne mafi munin kara a duk tafiyar.

Sai hanyar iska. Aikin ƙabar da ta fito a tsohon ɗinki yawanci da cikakken barci ake yin sa, domin ana son tsokar ciki ta saki sosai. Za a zura maka roba ta baki ta wuce tsakanin tantanin murya zuwa bututun iska, na'ura ta riƙa yi maka numfashi. Maƙogwaron da ya shekara ashirin yana shan hayaƙi a kumbure yake, kuma abu kaɗan ke tayar da shi. Taɓawar roba, ko ɗigon majina a kan tantanin murya, ko warin iskar barcin, na iya sa tantanin ya rufe gam, ko ƙananan bututun huhu su tsuke irin na mai asma. Wannan ya fi faruwa a lokuta biyu, lokacin sa robar da lokacin cire ta, sa'ad da mutum bai yi nisa a barci ba kuma bai gama farkawa ba. Likita yana gane shi nan take: jakar da yake matsawa don tura iska ta yi tauri a hannunsa, ƙirji ya riƙa ƙara kamar ana fito, lambar oksijin ta fara sauka. Akwai magunguna da dabarun warware shi, kuma kusan kullum ana warwarewa, amma mintuna ne da babu likitan da ke son ganin su. Wannan saurin harzuƙar maƙogwaro yana fara raguwa bayan kwana ɗaya ko biyu da dainawa, yana kuma ɗaukar kamar kwana goma kafin ya lafa.

Matsalar huhu mafi girma ba a kan gadon tiyata take bayyana ba, sai a kwana na biyu da na uku bayansa. Cikin bututun huhu a shimfiɗe yake da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna tura majina da ƙura da ƙwayoyin cuta sama zuwa maƙogwaro. Hayaƙi yana shanye su, yana karya wasu, kuma yana sa huhu ya riƙa yin majina mai yawa mai kauri. Mai shan taba da tari yake share ƙirjinsa, tunda masu sharar sun daina aiki. To ka duba abin da tiyatar ciki ke yi wa wannan mutumin. Barcin kansa yana rage iskar da ke zama a huhu da kamar kashi ɗaya cikin biyar, ƙasan huhun ya lotsa. Ya farka da yanka a ciki, duk tarin da zai yi sai ya ji kamar ana yaga shi, sai ya riƙa danne tarin yana numfashi sama-sama. Maganin kashe zafi mai ƙarfi ya ƙara rage zurfin numfashin. Majina ta taru ta toshe ƙananan bututu, ɓangaren huhun da ke bayansu ya rufe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Daga nan sai zazzaɓi, numfashi da sauri, kaki ruwan ɗorawa ko kore, sai nimoniya. Wanda ya kamata a sallama a kwana na uku ya kwana goma da robar oksijin a hanci.

Gashin nan suna farfaɗowa, amma a hankali. Majina tana ɗaukar makonni kafin ta ragu. Bincike ya nuna haɗarin matsalar huhu bayan tiyata yana fara sauka a fili daga mako huɗu da dainawa, kuma a wajen mako takwas yana kusantar na wanda ba ya sha.

A nan ne maganar da aka gaya maka ta samo asali. Gaskiya ne wasu suna ƙara tari a makonnin farko, domin gashin sun fara aiki suna fito da abin da ya daɗe a kwance. Akwai kuma wani tsohon bincike na 1989 a kan masu tiyatar zuciya da aka fassara da cewa dainawa ƙasa da mako takwas kafin aiki ta fi ci gaba da sha haɗari. Mutanen da ke cikinsa ba su da yawa, bambancin da aka gani bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma da aka tattara binciken da suka biyo baya a 2011 ba a sami wata ƙarin cutarwa ga waɗanda suka daina dab da aiki ba. Maganar ta ci gaba da yawo ne kawai, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya. Kai ma da kake da mako shida a hannu, yawan tarin zai zo ya wuce kafin ranar, kuma gara ka yi shi yanzu da cikinka ba ɗinki.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ne ya sa likitanka ya yi maganar ɗaga aiki: warkewar ciwon.

Duk inda wuƙa ta bi ta yanke ƙananan jijiyoyin jini. Gefen ciwo a kwanakin farko wuri ne mai yunwar oksijin ko a jikin lafiyayye, yana rayuwa ne da ɗan abin da ke tsattsafowa daga jijiyoyin da suka tsira a kusa. An auna oksijin a ƙarƙashin fatar mutane kafin su sha sigari da bayan sun sha, aka ga shan minti goma yana saukar da shi na kusan awa ɗaya, saboda tsukewar jijiyoyi. Yi lissafi da kara ashirin a rana. Da wuya fatar ta gama farfaɗowa daga kara ɗaya kafin na gaba ya zo, don haka yawancin wunin a cikin ƙarancin oksijin take.

Abubuwa biyu ne a cikin ciwo ba sa yiwuwa sai da oksijin. Na farko kashe ƙwayoyin cuta. Babu tiyatar da ƙwayar cuta ba ta faɗawa ciki, komai tsaftar ɗakin, domin fatar mutum kanta tana ɗauke da su. Fararen ƙwayoyin jini ne ke rugawa wurin su haɗiye su, sa'an nan su sarrafa oksijin ya zama wani guba mai kama da ruwan bilic su ƙone su da shi. Idan oksijin ya yi ƙasa, farar ƙwayar za ta haɗiye amma kisan ya yi rauni. Ga shi kuma fararen ƙwayoyin mai shan taba dama sun yi sanyi wajen isa wurin da ake neman su. Awannin farko bayan yanka su ne ake yin wannan faɗan, kuma a cikinsu ne ake sanin ko ɗinki zai yi ruwa bayan mako guda.

Na biyu saƙar nama. Zaren ɗinki riƙon ƙwarya yake yi. Abin da ke haɗe ciwo na dindindin wani sinadari ne mai kama da zare da jiki ke saƙawa, ana kiran sa kolajin. Kafin zaren kolajin ya murɗe ya yi ƙarfi sai da oksijin da bitamin C da sinadarin ƙarfe. Mai shan taba yana da ƙarancin na farko, kuma hayaƙi yana cinye na biyu, shi ya sa bitamin C a jininsa ya fi na sauran mutane ƙasa. Bugu da ƙari jikinsa yana fitar da sinadaran da ke narkar da kolajin fiye da ƙima. Ana saƙa kaɗan, ana warware da yawa. Ko a jikin da komai ke tafiya daidai, ciwo a mako na uku bai wuce kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin naman asali ba, kuma bayan wata uku iyakarsa wajen kashi 80. Wanda ya fara daga ƙasa da haka, yana kuma tari yana jijjiga ɗinkin, ba abin mamaki ba ne ɗinkin ya buɗe, ko ya haɗe da rauni ya koma ƙaba bayan shekara. Akwai yiwuwar abin da ya faru da tsohon ɗinkinka ke nan, domin shan taba yana cikin sanannun dalilan fitowar ƙaba a wurin tiyata.

Waɗannan biyun ba lokaci ɗaya suke gyaruwa ba. Oksijin na fata yana dawowa da sauri. Ƙarfin fararen ƙwayoyin jini yana dawowa a cikin kamar mako huɗu. Saƙar kolajin ita ce mai nawa, mako huɗu ba ya maido ta gaba ɗaya. A wani gwaji da aka buga a 2003 a ƙasar Denmak, an yi wa masu sa kai 78 ƙananan yanka a fata aka ɗinke. Ciwon ya kamu da cuta a kashi 12 cikin 100 na masu shan taba, a kashi 2 na waɗanda ba su taɓa sha ba, kuma waɗanda suka daina na mako huɗu kamuwarsu ta sauka sosai. Buɗewar ɗinki kuwa ba ta ragu a wannan ɗan lokacin ba. Don haka ake cewa mako huɗu shi ne mafi ƙaranci, shida zuwa takwas ya fi.

Raga tana ƙara wa maganar nauyi. Ragar da ake sawa a aikin ƙaba zaren roba ce, ba ta da jijiyar jini. Ana shimfiɗa ta ne don naman jiki ya tsiro ta cikin ramukanta ya riƙe ta. Kafin naman ya rufe ta, duk ƙwayar cutar da ta manne mata tana gina wa kanta wani yauƙi da take ɓuya a ciki, inda fararen ƙwayoyin jini ba sa kaiwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma da ƙyar yake ratsawa. Ciwon fata da ya yi mugunya ana buɗe shi a wanke, ya warke a makonni. Ragar da ta kamu kuwa takan riƙa tsiyayar mugunya ta wani ɗan rami wata da watanni, a sha magani ta lafa, a daina ta dawo, sau da yawa sai an sake shiga an cire ta. Aikin cirewar ya fi na sawa wuya, kuma yakan bar mutum da ƙabar da ta fi ta farko girma. Tunda ƙabarka ba ta gaggawa ba ce, likitan da ya ce zai jira yana guje maka wannan ne. Amma ka kiyaye: idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ko bayan gida da tusa sun tsaya, hanji ne ya maƙale, kuma wannan ba ya jiran mako shida ko dainawar kowa. Asibiti a take.

Wannan dalilin ne ya sa masu aikin ƙashi da masu dashen fata suka fi kowa tsanani a kan taba. Karaya ko haɗin ƙashin baya a jikin mai sha yana ƙin haɗewa kusan ninki biyu na wanda ba ya sha, fatar da aka ɗago aka mayar wani wuri kuma gefenta yana iya yin baƙi ya mutu.

Shin dainawar tana canza sakamako da gaske? An gwada. A 2002 an buga wani gwaji daga Denmak a kan mutum 120 da za a sauya wa ƙugu ko gwiwa. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka taimaka wa rabi su daina ko su rage tun saura mako shida zuwa takwas, aka bar rabi yadda suke. Matsala bayan aiki ta sami kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka bari, da kashi 18 na waɗanda aka taimaka wa. Matsalar ɗinki kaɗai kashi 31 ne da kashi 5. Wani abu da ya fito a ciki shi ne ribar ta tafi ne ga waɗanda suka daina gaba ɗaya, waɗanda suka rage kawai ba a ga sun sami wani abin kirki ba. A 2008 wani gwajin a ƙasar Suwidin, wanda ya haɗa da masu aikin ƙaba, ya fara taimakon tun saura mako huɗu ya ci gaba har mako huɗu bayan aiki, matsala ta sauka daga kashi 41 zuwa 21. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a rahotonta na 2020 mako huɗu ta ambata a matsayin inda ribar ke bayyana, kowane mako da aka ƙara kuma tana ƙaruwa. Magunguna kaɗan ne a tiyata ke iya raba haɗari biyu kamar haka.

To ga yadda mako shidan naka zai kasance. Ka sa ranar dainawa a cikin wannan makon, kada ta wuce, domin kowane kwana da ka jinkirta daga cikin makonni shidan nan yake fita. Dainawar ta zama ɗungurungum. Mai kara ashirin a rana jikinsa ya saba da nikotin sosai, kuma ƙoƙarin dainawa da ƙarfin zuciya kaɗai shi ne ya fi yawan faɗuwa, don haka ka nemi likita ya rubuta maka maganin taimako. Wanda aka fi sani shi ne filastar nikotin da ake manna wa fata. Ga mai shan fiye da kara goma a rana ana farawa da mai miligiram 21, a manna sabuwa kowace safiya a busasshiyar fata marar gashi, a dantse ko kafaɗa, ana sauya wuri kullum. Bayan kamar mako shida a sauka zuwa 14 na mako biyu, sa'an nan 7 na mako biyu. Filastar tana ba da nikotin a hankali, ba ta maganin ƙwaɗayin da ke tasowa farat ɗaya, shi ya sa ake haɗa ta da cingam na nikotin, mai miligiram 2 ko 4. Wanda ke kunna karan farko a cikin rabin awa da tashi daga barci mai 4 ne nasa. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yau da kullum. Ana tauna shi kaɗan har a ji yaji-yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa. Wanda ya tauna da sauri ya haɗiye miyau sai shaƙuwa da tashin zuciya, nikotin ɗin kuma ya tafi a banza. Akwai kuma ƙwayar bareniklin, wadda ake fara sha mako guda kafin ranar dainawa ana ƙara yawanta a hankali, ta kan sa tashin zuciya da mafarkai masu yawa, kuma likita ne kaɗai zai tantance ko ta dace da kai, musamman in kana da ciwon ƙoda.

Za ka ce ai nikotin ɗin ne ke tsuke jijiya, me ya sa za a ba ka shi? Filasta ba ta da kabon monoksaid, ba ta da kwalta da dubban sinadaran hayaƙi, kuma nikotin ɗinta ba ya hawa jini da ƙarfi irin na zuƙa. A gwajin 2003 ɗin nan, masu filastar nikotin ba su fi masu filastar da ba komai a cikinta kamuwa da cuta ba. Duk da haka wasu likitocin, musamman na ƙashin baya da na dashen fata, suna so a daina har filastar kafin aiki, don haka ka tambayi naka tun yanzu abin da yake so a ranar. Idan zai gwada fitsarinka don neman kotinin, wato abin da nikotin ke komawa a jiki wanda ke daɗewa kwanaki, ka gaya masa kana kan filasta, domin gwajin zai nuna akwai. Gwajin da ke bambancewa shi ne na hura iska a na'urar auna kabon monoksaid.

Kwana na biyu da na uku bayan dainawa su ne mafiya wuya: saurin fushi, rashin barci, kai ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yunwa. Ƙwaɗayin yakan zo ya tafi a cikin 'yan mintuna. Daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yana sauƙi. Idan ka zame ka sha kara ɗaya a mako na uku, ba ka koma farko ba, ka ci gaba da filastarka, ka kuma faɗa wa likita gaskiya. Shisha ba mafita ba ce, gawayin da ake ɗora mata yana sa zama ɗaya ya ba da kabon monoksaid fiye da kara da yawa. Wiwi ma hayaƙi ne, kuma dole likitan sa barci ya san da shi domin yana shafar yawan maganin da zai ba ka. Sigarin lantarki ba a gama sanin tasirinsa a kan ɗinki ba a wurin likitocin tiyata, yawancinsu suna so a bar shi shi ma. Hayaƙin na kusa da kai yana shiga lissafi, don haka masu sha a gida su riƙa fita waje.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Idan ka daina, a cikin kamar mako guda hantar ta koma yadda take, sai maganin da ka saba sha ya taru a jini fiye da da. Wannan ya shafi tiyofilin na asma, da kulozafin da olanzafin na taɓin hankali, haka kuma mai shan warfarin yana buƙatar a sake duba jininsa. Filasta ba ta hana wannan, domin hayaƙin ne ke jawo shi. In kana shan ɗaya daga ciki, wanda ya rubuta maka shi ya sani kafin ranar dainawa.

Ranar da za ka ga likitan sa barci, ka ba shi lissafi daidai: kara nawa, shekara nawa, yaushe ne na ƙarshe, kana tari da safe ko a'a, hawa bene nawa kake yi kafin numfashi ya tsaya maka. Da wannan ne zai san ko zai sa a auna ƙarfin huhunka, ko ya ba ka maganin shaƙa kafin barci, ya kuma tsara maganin zafin da zai ba ka damar yin tari.

Bayan aiki, kolajin ɗin da muka yi magana a kansa sai a lokacin ne za a fara saƙa shi, kuma saƙar ta fi ƙarfi a makonni uku zuwa shida na farko. Wanda ya daure mako shida ya kunna kara ranar da aka sallame shi ya tsuke jijiyoyin a daidai lokacin da raga ke jiran nama ya rufe ta. Aƙalla mako huɗu zuwa shida bayan aiki ba hayaƙi, mai aikin ƙashi kuwa har sai ƙashin ya haɗe. A asibiti ka tashi zaune ka taka tun ranar farko in an ba ka izini. Kowace awa da kake farke ka ja dogon numfashi kamar sau goma, kana riƙe kowanne daƙiƙa biyu ko uku. In za ka yi tari, ka naɗe tawul ko ka ɗauki matashi ka danne ɗinkin da hannu biyu, ka ɗan lanƙwashe gwiwa, sa'an nan ka yi tarin da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Idan zafi ne ke hana ka, ka nemi a ƙara magani, kada ka danne tarin.

Cutar ɗinki ba ta cika nuna kanta a kwana biyun farko ba, ta fi bayyana daga kwana na huɗu zuwa na goma, lokacin da yawanci mutum yana gida. Ja siriri a bakin ɗinki da ɗan kumburi ba komai ba ne. Abin da zai mayar da kai asibiti a ranar shi ne ja da ke faɗaɗa, zafin da ya fara sauƙi ya dawo yana zuga, wurin ya yi ɗumi da tauri, ruwa mai kauri ko mai wari, ko zazzaɓi da ya kai digiri 38. Ka zagaye iyakar jan da biro, ka duba bayan 'yan awanni ko ya tsallake layin. Idan kuma ruwa mai yawa, ja-ja kamar wankin nama, ya jiƙe bandeji farat ɗaya, musamman bayan tari, yana iya zama ɗinkin ciki ne ya saki ko da fatar waje tana nan a haɗe. Ka rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, kada ka ci kada ka sha komai, a kai ka asibiti a kwance.